An Goge Sunana daga Kusurwa

Sau uku na sake rubuta saƙon kafin na tura wa mai gidan burodin da ke neman wanda zai zana mata tambari. Ƙanwata tana leƙen wayar ta kafaɗata, wai in rage yabon kai. Na gaya wa matar ko ni wane ne, na ce na lura rubutun ledarta ba ya karantuwa daga nesa, sannan na saka mahaɗin ayyuka uku: tambarin mai kek, takardar kwalbar zuma, da allon wani shagon shayi.

Da azahar ta amsa. “Malam, ka ji tsoron Allah. Tambarin mai kek ɗin nan aikin ɗan yayata ne, yana cikin samfuran da ya turo mini jiya.”

Ta haɗo hoton da ya turo mata. Nawa ne, an goge sunana daga kusurwa. Na tura mata zanen farko na fensir da fayil ɗin asali mai kwanan wata.

Da la'asar sai ga saƙo: “Na gani. Amma ka san ɗan'uwa ne, shi zan ba. Ya ce ko za ka gaya masa sunan salon rubutun da ka yi amfani da shi?”