Allura ta Uku

Littafin haɗari na shagon su Zakiyya a unguwar Mile 3 ta Fatakwal ya shekara uku a cikin durowa, ba abin da ke cikinsa sai faɗuwar keke sau biyu da yankan wuƙa ɗaya. Wani otal da suke kai wa albasa da wake ne ya dage sai sun ajiye shi. Ita kuwa Zakiyya, da ta gaji shagon da ma'aikata shida daga mahaifinta, kallon littafin take a matsayin ƙarin wahala a kan wadda ta riga ta ishe ta.

Ranar wata Litinin da hantsi, ana ruwan nan na Fatakwal da ba ya gajiya, Malam Awwalu ya shigo yana ɗingishi, ƙafar wandonsa ta hagu a yage. Shi ne babba a cikin masu kai kaya, mutum mai kusan shekara hamsin, wanda bai iya ƙorafi ba ko da wasa. Ya kai buhun shinkafa wani gida a Diobu, maigadi ya buɗe ƙofa, karen gidan ya fito ba ko haushi ya cafke shi a sharaɓar ƙafa.

Zakiyya ta jawo littafin ta fara cikawa. Rana da lokaci, lambar gidan, sunan maigadin da ya ga abin. Kare ne ja, na gida, ba wanda ya tsokane shi. Wurin haƙora huɗu, biyu sun shiga sosai, jini ya fita. Da ta zo layin taimakon farko ta ɗago kai.

"Malam Awwalu, ka wanke?"

"Na wanke, Hajiya. Sau bakwai."

Har ta ji daɗi, ta ɗora biro za ta rubuta, sai ta lura da baƙin da ke gefen ciwon.

"Sau bakwai da me?"

"Da ruwan fiya wata, leda biyu. Ɗaya da ƙasa, yadda ake yi."

Wato bawan Allah tsarkin yawun kare ya yi, irin wanda ake yi wa ƙwarya, har da goga ƙasar Diobu a cikin ɗanyen ciwo. Zakiyya ba ta san dariya za ta yi ko kuka ba. Ta sa Idi, abokin aikinsa, ya zaunar da shi a bakin famfon bayan shago da sabulun wanki, ta tsaya a kansu da agogon waya har minti goma sha biyar suka cika, ruwa na kwarara a kan ciwon. Sauran ma'aikatan suka taru suna tsiya, wai daga yau a riƙa ɓoye masa ƙashi. Awwalu ya yi murmushi, amma murmushin bai wuce leɓe ba. Aka shafa maganin aidin, aka rufe da ƙyalle mai tsabta sakwa-sakwa, suka hau keke sai asibiti.

A asibiti suka wuni. Layin kati daban, layin likita daban. Likita ya sake wanke ciwon, ya ce ba za a ɗinke ba, irin wannan a buɗe ake barinsa. Aka yi masa allurar tetanus, aka rubuta ƙwayoyin hana ruɓa. Akwai wata allura da ake tsirawa a cikin ciwon da kewayensa, ita babu a asibitin, sai da Idi ya zaga kemis uku kafin ya dawo da ita a cikin kula mai ƙanƙara. Sannan aka yi ta haukan kare a dantse. Nas ɗin, wata dattijuwa da muryarta ta dishe don magana, ta rubuta ranaku a kati ta karanta musu sau biyu: yau, Alhamis, Litinin mai zuwa, Litinin ta bayanta, sai ta ƙarshe ranar kwana ashirin da takwas. Ta ce a nemi takardar rigakafin karen, kuma a sa masa ido kwana goma, in ya canza hali ko ya mutu a zo a faɗa.

Zakiyya ta kwafe duka a littafi, ta ja layi biyar na allura da layi goma na kare. Ta koma gida a gajiye.

Alhamis da kanta ta raka shi. Daga nan kuma kasuwa ta haɗiye ta. Motar wake ta makale a hanya, otal na kira, firji ya lalace, ƙaramar 'yarta na zazzaɓi. Sai bin diddigin ya koma ta waya. Takardar rigakafi dai maigadi ya ce tana wurin oga, oga kuma ya yi tafiya. Kullum in ta tambayi lafiyar karen, amsa ɗaya maigadin yake ba ta: "Madam, e no dey worry anybody again." Ba ya damun kowa, in ji shi. Sai ta rubuta lafiya. Awwalu kuwa an ba shi hutu, yana kwance a ɗakin da suke haya su biyar. Ranar Litinin ta kira shi a waya.

"Malam Awwalu, yaya ƙafa?"

"Da sauƙi, Hajiya."

"Allurar yau fa?"

"Ai ba matsala, in sha Allahu."

Ta rubuta da sauƙi, ta ja alama a layin allura ta uku. Abin haushin shi ne Zakiyya ta fi kowa sanin wannan kalma. Mahaifinta da ita ya amsa gaisuwar masu dubiya har ranar da ya cika. Bahaushe ko ƙafarsa ce a hannunsa, ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. Gaisuwa ce aka mayar mata, ita kuma don gajiya ta ɗauka ta zuba a littafi kamar sakamakon gwaji.

Ranar kwana goma, Alhamis, ta ce bari ta rufe layin kare da idonta, tunda ma tana da saƙo a Mile 2, kusa da gidan. Ta tarar da sarƙa a ƙasa, kwano a kife, babu kare. Maigadi ya sosa ƙeya, ya yi kame-kame, da ta ɗaga murya ya faɗi gaskiya. Tun Juma'a karen ya daina ci, yana cizon sarƙa, yawu na zuba. Asabar aka kira masu farfesun kare suka tafi da shi. Lallai kam, ba ya damun kowa.

Daga bakin ƙofar ta kira nas ɗin ta faɗa mata. Nas ta ce za ta sanar da ofishin dabbobi, sannan ta duba rajistarta ta ce ai mutuminku bai zo Litinin ba. Ta ce a kawo shi yau yau, ba sai an faro daga farko ba, daga inda aka tsaya za a ɗora, amma kada a ƙara kwana.

Wayar Awwalu a kashe. A ɗakinsu aka ce ya naɗe tabarmarsa tun safe. Idi ne ya sunkuyar da kai ya ce yana wurin motar Kallamu, direban da ya sauke albasa jiya zai juya Arewa bayan azahar.

Ita da Idi suka same shi a bayan motar, zaune a kan buhunan da babu komai, jakarsa a cinya. Ta taho da faɗa cike da baki, ta haddace shi tun daga Mile 2, amma da ta ga yadda ya rame cikin kwana bakwai sai ta kasa yi masa.

"Malam Awwalu, ina za ka?"

"Gida, Hajiya. Zan ɗan duba iyali."

"Da allura uku a kanka? Karen nan fa..."

"Na sani," ya ce. "Tun Lahadi masu baro suka faɗa mini."

 Sannan ya ci gaba, idonsa a kan jakar.

"Ina yaro, a garinmu kare ya ciji ƙanin babana. Karen ya mutu, aka ce to shi ke nan, tunda kare ya riga shi, shi ma zai bi. Haka kuwa aka yi. A ɗaki aka ɗaure shi da igiyar shanu. Ni nake kai masa ruwa, yana gani yana ihu, ga ƙishirwa na cinsa. To ni da na ji wannan ma ya tafi, na ce allurar me kuma? Ga wurin yana mini ƙaiƙayi. Ba na so a ɗaure ni a ɗakin haya, yaran nan da ke ce mini Baba suna kallo. Gara a gida."

Tausayi ya kama Zakiyya, da kunya kuma, don kwana huɗu mutumin nan yana kwance yana jiran mutuwa, ita tana rubuta masa da sauƙi. Ta dafa ƙarfen motar.

"Baffan naka an yi masa allura?"

"Wa ya san wata allura a lokacin?"

"To kai an yi maka biyu, da wadda aka tsira a ciwon. Mutuwar karen ba ita ke kashe mutum ba, barin allurar ne. Ƙaiƙayin ma likita za mu nuna wa, ni ba zan ce maka komai a kai ba, na gaji da rubuta abin da ban gani ba. Ka sauko, don Allah."

Kallamu ya leƙo daga gaba ya ce shi fa zai tayar. Awwalu ya daɗe yana kallon hanyar da motar za ta bi. Sannan ya miƙo wa Idi jakar, ya sauko da ƙafar dama.

Likita ya duba ciwon ya ce yana haɗewa da kyau, sabuwar fata kan yi ƙaiƙayi, amma in ya ji zazzaɓi ko wani baƙon abu a dawo nan take. Nas ta yi masa faɗan da Zakiyya ta kasa yi, ta soka allurar, ta gyara ranakun biyun da suka rage a kati. Zakiyya ta buɗe littafin a kan gwiwarta a bencin asibiti. Ta soke alamar Litinin da layi ɗaya yadda za a iya karanta kuskuren, ta rubuta gaskiyar abin da ya faru da karen, ta sa hannu da kwanan wata.

Awwalu na gefe yana danne auduga a dantse, yana kallon biron.

"Hajiya, akwai sauran wuri a takardar?"

"Akwai."

"To rubuta Hannatu, matata. Lambar ƙaninta tana bayan katin nan. Sauran biyun zan zo, na yi alkawari. Amma in abin ya zo duk da haka, a kira ta tun ina gane mutane."

Zakiyya ta juya katin, ta kwafe lambar a hankali, ta karanta masa ita sau biyu.