Yabon da Ya Hana Ni Tafiya

Ranar da aka naɗa Ƙaramar Su shugabar sashenmu na ɗinki, ni na fi kowa rawar kai. Tun zuwanta kamfanin kekenta yake jikin nawa, muna ɗinka rigunan makaranta, ni aljihu ita kwala. Yarinya ce mai hannu, ba ta da kyashi. Aibinta ɗaya: duk abin da aka ce ta yi, sai ta yi shi har ya zarce.

Ni kuma a lokacin ina da tawa damuwar. Innata ta samu shanyewar ɓarin jiki, kullum maƙwabciyarmu nake bar wa ita, in shiga mota biyu kafin in iso aiki. Maƙwabciyar ma ta fara gajiya, ta ce in nemi wata dabara kafin wata ya mutu. Sai ga shi kamfani ya buɗe ƙaramin reshe a bayan layinmu, tafiyar ƙafa. Na nemi a mayar da ni can, Manaja ya ce babu damuwa, in bari a gama taron ma'aikata ya sa hannu.

To a wajenmu, duk wanda aka ƙara wa girma sai ya miƙe a taron ya yi godiya. Kuma mutanenmu ba jawabin suke saurare ba, “ni” suke ƙirgawa. Shugaban masu yanka da ya ce “na yi, na yi” har yau ba a gaishe shi da daɗin rai. Shi ya sa Ƙaramar Su ta same ni lokacin hutun rana, ko abincinta ba ta buɗe ba.

“Yaya, me zan ce? Wallahi ban san ta inda zan fara ba.”

Na gyara zama, ni ga malama.

“Abu ne mai sauƙi. Ki gode wa Manaja, amma kada ki yi ta zuba kamar maroƙiya. Ki nuna za ki riƙe aikin da gaske. Sannan kada ki kuskura ki yabi kanki. Duk wani abin kirki ki ɗora a kan abokan aiki, ki kama suna, ki faɗi abin da mutum ya yi. Yabo a dunƙule ba ya shiga jiki.”

Ta ce, “Allah ya bar mini ke, Yaya.”

Ni ma na ce amin, da bakina.

Aka jera kujeru tsakanin teburin yanka da tarin bandir ɗin yadi. Manaja ya zauna a gaba da tabarau a kan hanci, ya karanto sabon muƙamin, aka yi tafi. Ƙaramar Su ta miƙe tana murza bakin rigarta.

Farkon dai tsaf. Ta gode masa da ya ga cancantarta, ta ce amana ce kuma ba za ta ba shi kunya ba, ƙofarta a buɗe take ga duk mai gyara. Manaja sai gyaɗa kai yake kamar shi ya rubuta mata. Ta yabi masu yanka, ta yabi masu guga, har mai gadi ya samu rabonsa. Na ce a raina, yauwa ƴar gari.

Sai ta juyo ta kalle ni.

“Amma ranka ya daɗe, in gaskiya za a bi, ni ba kowa ba ce. Ga wadda take riƙe da sashen nan.”

Na sunkuyar da kai, ina ɗan murmushi. Wa zai ƙi?

“Duk keken da ya fara tsallake ɗinki, ba ma jiran makaniki, Yaya ce take kwance shi ta ɗaure. Injin ramin maɓalli da kowa yake gudu, ita kaɗai yake jin maganarta. Sababbin yara kuwa, ita take koya musu, ni ma ita ta koya mini.”

Nan murmushin ya fara bushewa. Duk mai ɗinki a kamfani ta san ba a bari na sama su san iyakar abin da hannunki ya iya. Shekara da shekaru ina gyaran nan a ɓoye, saboda kada aikinmu ya tsaya, ba don a sani ba. Na yi tari. Na zare mata ido. Ita kuwa ta ɗauka kunya ce take damuna, sai ta ƙara wuta.

“Kun gani ko? Ba ta son a faɗa. Lokacin odar buɗe makarantu, da ba don ita ba, wallahi da mun ji kunya. Ni dai na yi alkawari zan tsaya tsayin daka, kuma abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar karɓar kujerar nan shi ne Yaya tana gefena. Ranar da babu ita, ban san yadda sashen nan zai kwana ba.”

Tafi ya ɓarke. Wata har da share hawaye. Manaja ya cire tabarau ya ƙare mini kallo, irin kallon da mutum yake wa kuɗin da ya tsinta a aljihun tsohuwar riga.

Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba, wadda muke kira Gyangyaɗi, don ko keke yana gudu tana iya runtsawa. Ita kaɗai ba a ambata ba, saboda Ƙaramar Su ta yi ta laluben abin da za ta faɗa a kanta ta rasa. Ta kumbura fam, tana cewa an ci mata fuska a bainar jama'a.

Ana watsewa Manaja ya aiko a kira ni. Har kujera ya nuna mini, abin da bai taɓa yi ba.

“Baiwar Allah, ashe haka kike, kika yi shiru? Ai kin cuce mu.”

“Ranka ya daɗe, yarinya ce, zuzutawa kawai take. Ni aljihu na iya.”

“Ga shi kuma ba ki da fariya! Irinku muke nema.” Ya ture takardata gefe. “Maganar reshe a bar ta. Can aikin guga da ninki ne, ba za mu kai gwana ta lalace ba. Ita ma sabuwar shugabarku kin ji da kunnenki, ta ce ba za ta iya ba sai da ke.”

Na faɗa masa halin da Inna take ciki. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, da gaske kuma ya ji tausayi, har ya yi alkawarin za a rubuto mini takardar yabo. Maganar ƙarin albashi dai ba ta taso ba.

“To wa za a kai reshen?” na tambaya.

Ya ɗan yi tunani. “Wace ce wannan da ba a ambata ba?”

Haka Gyangyaɗi ta samu gurbina, ita da gidansu yake nan bakin kamfani. Har ta zo tana mini ƙorafin nisa.

Na fito na tarar da Ƙaramar Su tana jirana a bakin ƙofa, fuska sai sheƙi.

“Yaya, yaya kika ji? Ban yi fariya ba ko?”

Na so in zage ta tas, amma da wane bakin? Duk abin da na ce ta yi shi ta yi.

“Ko kaɗan,” na ce. “Kin yi daidai.”

Na zaga bayan tarin yadi na kira maƙwabciyarmu. Tana ɗauka ta ce, “An sa hannun ko? Ga Inna nan, tun rana take sa ni leƙa hanya.” Kafin in ce komai ta kara mata wayar a kunne.