Shagon Kan Kwana

Tun tana yarinya ake kiranta Barkono a gidansu, kuma ba a banza ba. Ta daɗe tana aiki a sashen wanki na wani otal, har ta zama shugabar masu guga. Da otal ɗin ya rufe aka ba ta kuɗin sallama, ta ce ita kam ta gama wanke zanen gadon wasu a kan albashi. Shagon wanki da guga za ta buɗe, nata na kanta.

Dillali ya nuna mata shaguna biyu a titi ɗaya. Na farko yana kan kwana, mai faɗin ƙofa, da famfo a ciki da magudanar ruwa a baya, magada ne ke son sayarwa su raba kuɗin. Na biyu yana tsakiyar layi, tsohon shagon aski ne, ɗan siriri kamar lungu, ba famfo, wayoyin wutarsa sun tsufa. Shi na haya ne.

Barkono ko kallon kirki ba ta yi wa na biyun ba.

Mijinta direban motar kaya ne, mutum mai sanyin magana. Da yamma suna zaune a ɗaki yana cire takalmi ta gaya masa ta yanke shawara, saye za ta yi.

"Da me?" ya tambaya.

"Da kuɗina mana."

"Kuɗin naki ko farashin shagon bai kai ba. Ga la'adar dillali, ga lauya, ga kuɗin mayar da takardu zuwa sunanki. A ce ma kin haɗa duk wannan, da me za ki sayi injin wanki? Da na busarwa? Janareta fa? Ko bangon za ki riƙa gogewa?"

"Kai dai kullum sai ka zuba wa mutum ruwan sanyi."

"Ba ruwan sanyi ba ne. Sana'ar nan sabuwa ce, ba ki san ko mutanen titin za su kawo miki kaya ba. In haya ce, ta ƙi, ki kwashe injinanki ki koma wani wuri. In kin saya, kin binne jarinki a siminti."

"In ta karɓa fa?" Ta miƙe tsaye. "In ta karɓa, na fasa ƙasa na sa bututu, na ja waya, na tara masu kawo kaya, sai mai shago ya wayi gari ya ce ya ninka haya? Ka manta abin da aka yi wa Babanmu?"

Bai manta ba, don ta sha ba shi labarin. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, ya yi rabin rayuwarsa a shagon haya ba tare da ko guntuwar takarda ba. Da wurin ya yi suna, mai shagon ya tashe shi ya sa ɗansa, ɗan kuma ya ci gaba da gyaran rediyo a kan bencin da mahaifinta ya bari. Tsohon ya dawo gida da akwatin kayan aikinsa, bai ƙara buɗe shi ba har ya rasu.

"Ni ba za a yi mini haka ba," in ji ta. "Zan nemi ciko."

Ta fara da banki. Ma'aikacin ya saurare ta da fara'a, sannan ya tambayi tarihin cinikin sana'ar. Ta ce ai ba a buɗe ba tukuna. Ya ce to da wuya, in ma an ba ta, kuɗin ruwan zai fara hawa tun kafin ta wanke riga ɗaya. Ta fito tana tsaki.

Sai ta nufi wurin Yaya Babba, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Shi dillancin kayan gini yake yi, yana da ofis a saman rumbun ajiyarsa. Ta zayyana masa komai, ta ce rance take so, za ta riƙa biya a hankali. Ya tambaye ta wane shago ne, nawa magadan suka sa, wane dillali ne. Ya ce kada ta ba kowa ko kwabo sai an duba takardun a ofishin filaye, an tabbatar duk magadan sun yarda kuma ba a jinginar da shagon ba. Ya karɓi lambar dillalin, ya ce ta bar masa.

Ta dawo gida tana yi wa mijinta gori. "Ka ga amfanin ɗan'uwa?"

Kwanaki suka wuce shiru. In ta kira Yaya sai ya ce ana kan dubawa. Da ta gaji ta kira dillalin. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce ai shi ya ɗauka ta sani. An sayar da shagon, har an sa hannu.

"Wa ya saya?"

"Ai yayanki ne, Uwar ɗakina."

Barkono ba ta san lokacin da ta isa rumbun ba. Ta ratsa ta tsakanin buhunan siminti, ta haura bene, ta tura ƙofar ofishin ba sallama. Yaya Babba na waya, ya ɗaga mata hannu ta jira. Ba ta jira ba.

"Yaya, rance na zo nema ko talla na kawo maka?"

Ya ajiye wayar. "Zauna, ƙanwata. Dama ina shirin kiranki. Taimakonki na yi."

"Taimako!"

"Takardun lafiya lau, wurin kuma yana da kyau, shi ya sa na ce kada ya kuɓuce wa gida. Ke ki riƙe kuɗinki ki sayi injina, ki shiga ki yi sana'arki, ki riƙa ba ni haya daidai gwargwado. Da kin saya da me za ki yi aiki?"

Abin da ya ƙara hura mata wuta shi ne maganar tasa iri ɗaya ce da ta mijinta, kuma ta san akwai gaskiya a ciki. Amma mijinta a fuskarta ya faɗa.

"Da ka gaya mini haka ranar da na zo, da na ji haushi na tafi, shi ke nan. Sai ka karɓi lamba a hannuna ka zagaya ta bayana? Ni na gano wurin nan. Ni na yi ta zarya a rana ina ƙirga masu wucewa."

"To yanzu me ya ɓaci? Shagon yana hannunmu."

"Yana hannunka." Ta ja numfashi. "To na ji. Nawa ne hayar? Shekara nawa za ka ba ni? In na fasa ƙasa na ƙara magudana, wa zai biya? A kira lauya a rubuta."

Fuskarsa ta canza. "Takarda? Tsakanina da ke? Ni za ki kawo wa lauya?"

"Baba ma amana ya riƙe."

"Kada ki haɗa ni da wancan azzalumin!" Ya buga tebur. "Nono ɗaya muka sha. In ba ki yarda da ni ba, ga ƙofa nan."

"Da na yarda da kai ai ga inda ta kai ni."

Ta sauko daga benen. Ba gida ta nufa ba. Da zafinta ta wuce tsohon shagon askin, ta tambayi gidan mai shi, aka nuna mata. Wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, yana zaune a baranda yana ba tsuntsayensa ruwa.

"Baba, shagonka nake so. Amma ina da sharuɗɗa."

"Ko gaisuwa babu, 'yata?"

Ta ji kunya, ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya. Shekara biyar take so a rubuce. Ba ƙarin haya a tsakani. Za ta ja ruwa, ta haƙa magudana, ta sake wayoyi, kuma a cire kuɗin daga haya tunda ba za ta tafi da su ba. Mitar wuta tata daban. In zai tashe ta, sanarwa tun da wuri. In kuma wata rana zai sayar, ita za a fara yi wa tayi.

Dattijon ya kalle ta ta saman tabarau. "Ke haya kika zo nema ko ƙara kika kawo?"

"An cuce ni ne yau, Baba."

"To ba ni na cuce ki ba, ki rage murya, kina firgita mini tsuntsaye."

Bai ba ta duk abin da ta nema ba. Shekara uku ya yarda, da damar sabuntawa, kuma ya ce a sabuntawar zai ƙara, sai dai a rubuta iyakar ƙarin tun yanzu. Kuɗin jan ruwa da magudana za su raba biyu, wayoyi kuwa nata ne, tunda injinanta ne masu cin wuta. Hayar shekara guda gaba ɗaya yake so kafin ta karɓi makulli. Ta yi ta ja, ya ƙi motsi. Maganar fara yi mata tayi kuwa dariya ya yi, ya ce a rubuta, ba ta cin masa komai.

Da ta gaya wa mijinta, bai ce ai na faɗa miki ba. Ita ce ma ta tsokano shi.

"Ka yi dariyarka mana. Hayar da kake so ga ta nan."

"Ni yaushe lauyan zai zo nake son ji," in ji shi. "Sai na nemi hutu ranar."

Aka sa hannu gaban shaidu. Abin da ya rage na sallamarta ya sayi injin wanki biyu, na busarwa ɗaya wanda aka taɓa amfani da shi, teburin guga da ƙaramin janareta, har da ɗan abin da za ta riƙe na watannin farko. Watannin kuwa sun yi tsanani. Akwai ranar da riga uku kacal aka kawo, ta zauna tana kallon injinan, ta san da a ce ta zuba komai a ginin kan kwana da yanzu ta rufe. Sanin hakan bai sanyaya mata rai ba ko kaɗan. Shagon ya yi mata ƙunci, in ta buɗe injin busarwa sai ta matsa gefe kafin mutum ya wuce. Kullum da safe kuma sai ta bi ta kan kwana, inda Yaya Babba ya sa wani mai sayar da wayoyin hannu, famfon da magudanar suna zaune a banza.

Da damina ta sauka kaya suka daina bushewa a gidaje, aiki ya fara zuwa, har wani ƙaramin asibiti ya ba ta wankin zanen gadonsa. A cikin wannan hidimar mahaifiyarsu ta zo, ta zauna a kan kujerar roba a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon 'yarta na guga.

"Yayanki ya ce kin daina ɗaga wayarsa."

"Haka ne, Mama."

"Shi fa har yanzu gani yake alheri ya yi miki."

"Na sani. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan."

"Ki je ki gaishe shi. Ba don shi ba, don ni."

Barkono ta danna dutsen guga a kan kwalar wata farar riga har tururi ya tashi ya rufe mata fuska.

"Zan je in gaishe shi, in gaida iyalinsa. Amma in ya tayar da maganar shago, Mama, kada ki ce ban gaya miki ba."

Tsohuwar ta girgiza kai, ta jawo kwandon tawul kusa da ita ta fara ninkewa.