Lambar da Ke Bayan Ɗigo

Baba Jethro bai taɓa neman littafi da abin da ke cikinsa ba. Sunan marubuci yake kira, kamar mai cigiyar tsohon aboki. Saboda haka da ya buɗe kwalejinsa ta ma'aikatan lafiya a Narayi, sai ya jera laburaren daga A zuwa Z: sunan dangin marubuci tukuna, in mutum biyu sun yi tarayya a suna a duba sunan farko, in mutum ɗaya ya rubuta littattafai da yawa a bi sunayen littattafan. Tsari ne mai kyau ga wanda ya san marubuta. Matsalar ita ce ɗalibai ba su san kowa ba. Yarinya za ta shigo ta ce tana son littafi kan ciwon suga, alhali littattafan suga sun warwatse, wani a B, wani a O, wani can ƙasa a W kusa da wani littafin waƙoƙin coci.

Scholastica kaɗai ta san inda kowanne yake. 'Yar ƙanin Baba ce, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, kuma ita ce mai kula da laburaren. Duk abin yana cikin kanta. In ta fita cin abinci, layi ya taru. In zazzaɓi ya kwantar da ita, waya ba ta barin ta runtsa. Da farko abin ya yi mata daɗi, don wa ke ƙin a ce babu kamarsa? Amma da aka yi wa mijinta Timothy canjin wurin aiki zuwa garin Lafiya, ya tafi da yaransu biyu saboda makaranta, sai daɗin ya koma ƙunci. Kirsimeti biyu ta yi tana zuwa gidanta kamar baƙuwa.

Ta roƙi Baba ya sallame ta. Bai ce a'a ba, dama shi ba ya cewa a'a, sai dai ya ajiye maka sharaɗi.

"Ranar da wani zai ɗauko mini littafi ba da hannunki ba, ki tafi da albarkata, 'yata."

Tafiya ba albarkarsa kuwa ba ta cikin lissafinta. Mutumin da ya tsaya mata a matsayin uba ranar aurenta ba a juya masa baya.

Sai ta yi abin da aka koya mata a makaranta. Ta ce za ta mayar da laburaren kan lamba, yadda kowane fanni zai zauna wuri ɗaya: addini a ɗari biyu, kimiyya a ɗari biyar, lafiya daga ɗari shida da goma. Baba ya yi ta ƙunƙuni cewa za a raba marubuci da 'ya'yansa, kuma gaskiya ya faɗa, don mai littafi uku kan fanni uku dole su rabu. Da ƙyar ya yarda, bayan ta yi alkawarin barin littattafan labari a jere bisa sunan marubuci, tunda mai neman labari marubucin yake bi.

Duk hutun damina a nan ta ƙare shi. Ta manna lamba a gadon bayan kowane littafi, a ƙasanta haruffa uku na farkon sunan marubuci, don in littattafai sun haɗa lamba ɗaya haruffan su raba gardama. Ta cika durowa da katuna, kowane littafi da katin da ke nuna lambarsa, a jere bisa sunan marubuci. Aka ba ta Vicky daga ofishin karɓar kuɗin makaranta ta koya mata aikin, mace mai 'ya'ya uku, mai ƙoƙari, amma da Baba ya yi tari sai ta rikice.

Abu ɗaya ne ya ƙi zama a kan Vicky, wato lambar da ke bayan ɗigo.

"Anti Vicky, ba kuɗi ba ne," in ji Scholastica. "Ɗaya-ɗaya ake karanta su. 614.532 yana zuwa kafin 614.6, don biyar tana zuwa kafin shida. Kar ki ce ɗari biyar da talatin da biyu."

"Na gane, Madam. Wallahi wannan karon ya shiga."

Kuma ya shiga ɗin, in dai su biyu ne a ɗakin.

Ranar da aka koma karatu Baba ya shigo da sandarsa. Scholastica ta riga ta ɗaure kayanta a gida, ta ma gaya wa yaran a waya cewa Mama na nan tafe. Baba ya tsaya ya dubi kantocin kamar wanda ya dawo unguwarsu ya tarar an sauya tituna. Ya nufi inda K take a da, ya tarar da littattafan lissafi. Ya ja kujera ya zauna.

"Vicky, kawo mini Kazah. Na zazzaɓin cizon sauro."

Vicky ta buɗe durowa, ta samo katin ba wahala: 614.532, KAZ. Zuciyar Scholastica ta yi sanyi. Amma a kwalejin lafiya 614 ba ƙaramin wuri ba ne, kanta guda ya cinye daga sama har ƙasa ya zarce ta gaba. Vicky ta dubi katin, ta saci kallon Baba, sai tsohon aikinta ya dawo mata. Ta ga babbar lamba. Ta wuce layin tsakiya inda littafin yake zaune a daidai wurinsa, ta tafi can ƙarshe, bayan 614.6, ta durƙusa tana lalube.

Ba wuta, fanka a tsaye. Gumi ya jiƙe bayan rigar Vicky. Ta zaro wannan, ta mayar, ta sake zaro shi.

"Ko ya ɓata ne?" Baba ya tambaya a hankali. "Shekara nawa littafin nan yana K, bai taɓa tafiya ko'ina ba."

Scholastica na tsaye jikin kantar. Littafin na daidai kafaɗarta, kore, da lambar da ta rubuta da hannunta. Ta yi gyaran murya, Vicky ba ta ɗago ba. Ta so ta ce mata biyar tana zuwa kafin shida, amma idon Baba na kanta, kuma faɗa da ɗaukowa duk ɗaya ne a wurinsa. In ta yi shiru, lamba ta ɓatar da littafi, gobe zai ce a mayar da komai A zuwa Z, ta koma inda ta fito. In ta miƙa hannu, ta rusa sharaɗin da kanta. Ta ji tsoro, ta ji haushin Vicky, ta kuma ji kunyar haushin, don matar har ta fara hawaye.

"Baba, ka ba ta minti kaɗan."

"Ina da lokaci, 'yata. Ni ba inda za ni."

Vicky ta miƙe. "Baba, ka yi haƙuri, babu shi. Wataƙila ɗalibai sun ɗauka."

Baba ya dafa sanda zai tashi. "To, a sauke su duka. A koma yadda na san abina."

Hannun Scholastica ya riga tunaninta. Ta zaro koren littafin ta ajiye a gabansa.

"Bai ɓata ba, Baba. Yana inda ya kamata."

Tsohon ya shafa bangon littafin, ya daɗe yana duban lambar. Ba mugunta a fuskarsa, wannan ne ma ya fi yi mata ciwo.

"Aikinki ya yi kyau, a bar shi haka," ya ce. "Amma ki duba. Da, in ba kya nan, ni ina iya ɗauko littafina da kaina. Yanzu ko ni ba zan iya ba. Ki kira Timothy, ki ce ya ƙara haƙuri."