Wa Ya Kankare Kaskon Ƙwai

Kwana uku kacal Kuku ta yi wajen jinyar ƙanwarta. Da ta dawo masaukin baƙin da take yi wa girki shekara takwas, sai ta tarar da kaskonta na suyar ƙwai ya sauya kama. Kasko ne mai kauri na baƙin ƙarfe, wanda mai ya daɗe yana kama jikinsa har ya yi sulɓi. Yanzu kuwa ya koma toka-toka, da kaushi kamar dutsen wasa wuƙa.

Ƙwan farko ya manne ƙam. Ga baƙi suna jiran karin kumallo, sai ruɗewa ta sa ta yi abin da ita kanta take hana wasu: ta ƙara wuta, ta kwarara mai. Gefen ƙwan ya ƙone, farin ya yi tauri kamar roba, faranti huɗu suka dawo ba a ci ba.

Hajiya mai masaukin ba ta tambayi komai ba, don a gidan nan ba a tambaya, zato ake yi. Ta ce ta san Kuku na jin haushi ne don an hana ta cika mako wajen jinyar, kuma in faranti ya sake dawowa kafin ƙarshen mako, to ta nemi wani wurin.

Da rana Kuku ta shafa wa kaskon mai kaɗan, ta ɗora a wuta har ya yi hayaƙi, ta bari ya huce, ta maimaita sau huɗu. Ya fara baƙi. Washegari ta same shi a kankare kamar jiya.

Nan zuciyarta ta tsaya a kan Gajeriya mai wanke-wanke, 'yar ƙanin Hajiya. Ita ce ta riƙe kicin kwana ukun nan. Ita ce kuma, kwanan baya, take yawan leƙo kai tana tambaya cokali nawa na mai ake zubawa. A da Kuku ta ɗauka son koyo ne. Yanzu ko gaisuwarta ta safe sai ta ji kamar da wani abu a ƙasa.

Ranar ta sake shafa wa kaskon mai ta ƙona. Da aka tashi aiki bayan abincin rana, Kuku ta yi sallama da kowa, ta zagaya ta ƙofar baya ta shige sito tsakanin buhuna. Ba a jima ba ta ji ƙarar soson ƙarfe. Ta fito ta sami Gajeriya ta duƙa a kan kaskon, kumfa har gwiwar hannu.

"Sannu da aiki, 'yar nan. Kujerar tawa kike wankewa ko kaskon?"

Gajeriya ko gezau. Ta ce ai Gwaggo ce ta ba da umarni: masu duba tsafta suna tafe, duk abin da yake baƙi a kicin a goge shi sai ya yi fari. Kuku ta tambaye ta ko ba ta san baƙin nan shi ke hana ƙwai kamawa ba.

"Ni wa ya gaya min, Inna? Kullum cewa kike sirrin hannu ne."

Wannan magana ta shigi Kuku, don gaskiya ce. Shekara takwas tana barin mutane su ɗauka baiwa ce, alhali abu ne da za a koya wa mutum kafin shayi ya huce.

Ta sake gyara kaskon, ta tafi da shi gida a jaka. Da safe ta roƙi Hajiya ta shigo kicin ta tsaya. Ta ɗora kaskon a matsakaiciyar wuta, ta jira ya ɗau zafi, ta zuba mai cokali ɗaya, ta karkata shi har ya rufe ƙasan duka. Sannan ta rage wuta, ta fasa ƙwan dab da kaskon. Ya yi 'yar ƙara a hankali, ba tartsatsi. Hajiya ta ce ta juya mana kada ya kama. Kuku ta ce a'a, taɓa shi tun bai daskare ba shi ke yaga shi. Ta rufe da murfi kamar minti biyu don tururi ya dafa saman. Da ta buɗe, farin ya nuna da laushi, gwaiduwa na zaune a tsakiya, ta zura cokali mai faɗi ƙwan ya zame zuwa faranti.

Hajiya ta ɗanɗana, Kuku ta gaya mata yadda umarninta ya sa aka kankare kaskon. Hajiya ta ce ai ita ba kaskon take nufi ba, Gajeriya ce ba ta da kai. Ta ce Kuku ta ci gaba da aikinta, ta fita ba ko haƙuri.

Gajeriya na bakin famfo, ta ga komai daga farko har ƙarshe, leɓɓanta na motsi kamar mai haddace karatu. Kuku ta dube ta, ta kasa gane ko wauta ce ta sa ta kankare kaskon ko wayo. Ta dai miƙa mata ƙwai ɗaya ta ce ta zo ta gwada, sannan ta koma gefe ta harɗe hannu tana kallonta.