Lambobi Biyu na Magini

Tun da na bar koyar da lissafi, mutum ɗaya ya rage da ke kirana da sunan ƙuruciyata: abokina magini. Matata ta rasu, yara kowa ya kama gabansa. Ran nan 'yar maginin ta bugo waya ta ce jinya ta cinye masa tunani, ko ita ba ya ganewa. Na ɗauki sanda na tafi. In ya manta ni, wa ya rage da ya san ni?

Shekara talatin ke nan da na koya masa dabarar. Da can abu ɗaya ya sani wajen fitar da kusurwar gini: ya auna uku a wannan bango, huɗu a wancan, in tsakaninsu ya ba da biyar, kusurwa ta miƙe. Na ce masa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka. Ɗauki lambobi biyu, uku da biyu misali. Ninka kowace da kanta, tara da huɗu. Ɗebe, biyar. Haɗa, sha uku. Sannan uku sau biyu, ka ruɓanya, sha biyu. Ga biyar, sha biyu, sha uku. Bai yarda ba sai da ya ja igiya a ƙasa, don kansa ya fi bulo tauri. Daga nan abin ya zama gaisuwarmu, in jefa masa lambobi biyu ya maido mini guda uku.

Na same shi a kujera, yana fuskantar taga. Hannuwan nan da siminti ya cinye sun yi laushi. Na yi sallama, ya amsa kamar yadda ake amsa wa mai karanta mita.

"Baba, ga Malam ya zo," in ji 'yar. Ko juyowa bai yi ba.

Na zauna. Can na ce, "Huɗu da ɗaya."

Leɓensa ya motsa. "Sha biyar, takwas, sha bakwai."

'Yar ta toshe baki. Na sake jefa masa: "Biyar da biyu."

"Ashirin da ɗaya, ashirin, ashirin da tara."

Don zumuɗi na ce, "Uku da ɗaya."

Ya yi tsaki. "Takwas, shida, goma. Kai, wannan ai uku, huɗu, biyar ne ya yi ƙiba. Kada ka haɗa lambobi biyu da duk mara ne, ba su ba da sabo."

Na yi dariya har da hawaye. Sai ya juyo, ya dube ni sosai, ya kamo hannuna.

"Bawan Allah, ka iya abin nan. Ina da aboki malami, shi ya koya mini. In ka gan shi, ka ce ya leƙo ni mana. Ni kaɗai nake wuni."