Ƙullun da Ya Tashi a Hanyar Masaka

Tun kafin su fita daga Masaka murfin robar ya fara ɗagawa. Bilqis tana kujerar baya, ta juya ta dafe shi da tafin hannu, sai ta ji ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ƙullun masa ne a ciki, na mutum ɗari biyu, na walimar dawowar Hajiya Hadijatu daga Makka. Ameer, ɗan Hajiyar, shi ke tuƙi, shi ne kuma ya ce wa mahaifiyarsa kada ta nemi masu abinci, yarinyar da yake son aura za ta yi. Hajiya ba ta taɓa ce wa maganar auren e ba, ba ta kuma ce a'a ba. Yau za ta fara cin abin hannun Bilqis.

Ga go-sulo, mota bayan mota har inda ido ya tsaya.

"Wannan abu yana numfashi fa," in ji Christiana, ƙawarta da suke girkin biki tare, tana rungume da kular miya. "Yis nawa ka sa, Bilqis?"

"Yadda na saba. Mudu ɗaya, cokali ɗaya. Mudu sha biyu, cokali sha biyu."

"Gishiri fa?"

"Ban sa ba tukuna. Sai za a soya."

Tana faɗa ta gane kuskurenta. Ƙullun mudu ɗaya a ƙaramin kwano yake kwana, iska na shan ɗuminsa ta ko'ina. Wannan kuwa tuli guda ne. Yis yana aiki yana fitar da zafi, zafin ba shi da hanyar fita daga tsakiya, shi kuma yis da ɗumi yake ƙara gudu. Gishirin da zai ɗan ja masa birki yana cikin jakarta. Rabin yis ɗin da ta zuba ma da ya isa.

"Ni miyana ban yi masa haka ba," Christiana ta ce a hankali. "Babban tukunya yana daɗewa a wuta, attaruhu da kanumfari su yi ta fitowa. Rabi na sa, ina ɗanɗanawa ina ƙarawa. Gishiri ma haka, cokalinki mai tozo ne, tozo sha biyu ai wani cokali ne daban. Amma wallahi ban san yis ma yana da wannan hali ba."

Farin kumfa ya silalo ta gefen murfin, warin tsami ya cika motar. Ameer ya dube ta ta madubi. Idanun nan da ta sha rasa barci a kansu, yau ba ta iya haɗa nata da su ba.

"Ai tashi ake so ya yi, ko?"

"In ya wuce lokacinsa zai faɗa, ya yi tsami, masar ta fito kamar fata." Bilqis ta nuna gefen titi. "Tsaya gaban shagon can."

"Bilqis, in na fita daga layi..."

"Don Allah ka tsaya."

Ya tsaya. Ta sayi bokitai huɗu da ƙanƙarar leda, duk wadda mai shagon yake da ita. A bakin titi, masu acaba na kallo, suka buga ƙullun da muciya har ya sauka, suka rarraba shi, ta barbaɗa gishiri kaɗan-kaɗan, suka jera ƙanƙara a gefen kowane bokiti. Na tsakiyar robar ta ɗanɗana, ta runtse ido, ta ce a bar shi. Ya riga ya tafi.

"Oga, wandonka ya sha ƙullu," Christiana ta ce wa Ameer. Babu wanda ya yi dariya.

Da suka isa gidan, baƙi sun fara zama. Bilqis ta ɗora tanda a bayan gida, ta zuba ruwan kanwa kaɗan don ya kashe tsamin, ta motsa, ta zuba ludayin farko. Masar ta kumbura, ba sosai ba.

Sai ga Hajiya da kanta, da carbi a hannu. Ta dubi bokitan, ta dubi zanin Bilqis da ya bushe da ƙullu.

"Wannan ne na mutum ɗari biyu?"

"Ba zai kai ba, Hajiya. Yis ya yi yawa, na zubar da wanda ya lalace."

Hajiya ta ɗauki guda da zafinta, ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"Da ɗan tsami." Ta tsoma ragowar a miya ta cinye. Sannan ta juya wajen ɗanta. "Je ka ce a dafa shinkafa a cike. Ka ce wa ƙannenka su zo su kama wa yayarsu suya, ita kaɗai ba za ta iya tanda uku ba."